"Dole su biya" da "Dole sun biya": hanyar Kripke ko ta Kratzer, wacce za ka ɗauka?

Rubuta wannan jimla a takarda ka ba mutum biyu su karanta: Dole ta biya tara. Na farko zai iya gajarta "ta" ya sauke murya, sai jimlar ta zama hukunci: doka ta hau kanta, babu makawa sai ta biya. Na biyu zai iya jan wasalin da murya a sama, sai ta zama hasashe: daga abin da na gani, ba shakka ta riga ta biya. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa jimlolin biyu suka zo da riga ɗaya. Da zarar an mayar da su jam'i sai su rabu: dole su biya, dole sun biya.

Masu nazarin ma'ana suna kiran ta farko diyontik, ta biyu efistemik. Ni a nan zan ce ma'anar doka da ma'anar hujja, don sun fi sauƙin riƙewa. Duk wanda zai yi aiki a kan "dole", "iya", "kamata" da "yiwu" (wasunsu aikatau ne, wasu kamar "dole" ba aikatau ba ne amma aikinsu ɗaya) zai tarar da hanyoyi biyu a gabansa, kuma sai ya ɗauki ɗaya kafin ya rubuta layin farko na nazari. Dukansu a kan tunanin duniyoyi masu yiwuwa aka gina su. Inda suka rabu shi ne yadda suke zaɓar duniyoyin.

Tunanin kansa ba shi da wuya. Duniya mai yiwuwa ita ce cikakken yadda abubuwa za su iya kasancewa: akwai wadda ka tashi da wuri yau, akwai wadda ka makara, sauran komai kuwa an cike shi har ƙarshe. Kalmar tilas kamar "dole" tana cewa abu gaskiya ne a duka duniyoyin da ake dubawa. Kalmar yiwuwa kamar "iya" tana cewa gaskiya ne a aƙalla ɗaya. Kenan "dole" ɗan'uwan "duka" ne, "iya" kuma ɗan'uwan "wani". Ba wanda ke gardama a kan wannan. Gardamar tana kan waɗanne duniyoyi ne ake dubawa, kuma wa ya zaɓe su.

Hanya ta farko: kowace ma'ana da ƙofarta

Wannan ta fito ne daga manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja. Georg Henrik von Wright ya tsara manɗiƙin wajibi da halal a 1951. Saul Kripke ya ba da tsarin duniyoyi da dangantakar da ke tsakaninsu a ayyukansa na 1959 da 1963, Jaakko Hintikka kuma ya yi amfani da irin wannan tsari wajen sani da zato a 1962. Abin da ake yi shi ne a ɗauki tarin duniyoyi, a sa wata dangantaka mai suna `R` da ke faɗin waɗanne duniyoyi ake iya hangowa daga wacce. Ka ɗauke ta kamar ƙofa: in kana tsaye a duniyar `w`, waɗanda ƙofar ta buɗe maka su kaɗai ake ƙirgawa. A rubuce, akwati `□` shi ne "dole", lu'ulu'u `◇` shi ne "iya", `∀` "duka", `∃` "wani", `p` jimlar da ake dubawa, `v` kuma duniyar da ake hangowa.

```
□p gaskiya ne a w  ⇔  ∀v (wRv → p gaskiya ne a v)
◇p gaskiya ne a w  ⇔  ∃v (wRv ∧ p gaskiya ne a v)
```

Don ma'anar hujja, ƙofar tana buɗewa ga duniyoyin da ba su saɓa wa abin da aka sani ba. Don ma'anar doka, tana buɗewa ga duniyoyin da aka kiyaye kowace doka a cikinsu. "Dole" biyu kenan, kowanne da ƙofarsa, sun dai yi tarayya a furuci.

Kada a raina wannan hanya, domin ta ba mu bambanci mafi tsafta da muke da shi tsakanin ma'anonin biyu. Abin da aka sani da gaske ba ya zama ƙarya, saboda haka duniyar da muke ciki kullum tana cikin waɗanda ƙofar sani ke buɗewa. Daga nan ake samun ƙa'idar da ake kira `T`, wato `□p → p`: in tilas ne bisa sani, to haka yake. Doka kuwa ana karya ta kullum, duniyarmu ba ta cikin duniyoyin masu biyayya, don haka `T` ba ta aiki. Abin da ake nema ga doka ya fi wannan sauƙi, shi ne ƙa'idar `D`, wato `□p → ◇p`: abin da aka wajabta ba a hana shi ba. Kunnenka ma ya san wannan. "Dole su biya, amma ba za su biya ba" magana ce lafiyayya, ta mai ƙorafi a kan masu taurin kai. "Dole sun biya, amma ba su biya ba" kuwa, duk wanda ya ji zai ce to wanne za mu ɗauka.

Hanya ta biyu: kalma ɗaya, abubuwa biyu daga mahalli

Angelika Kratzer ta fara daga wata tambaya a 1977: in har "dole" kalmomi ne daban-daban masu furuci ɗaya, to guda nawa ne? Akwai na doka da na hujja. Akwai na jiki, kamar "dole in yi atishawa". Akwai na manufa, kamar "in kana son ka ci jarrabawa dole ka yi karatu". Cikin na doka ma, dokar gwamnati daban, ta makaranta daban, ta wasan ƙwallo daban. Ƙamus ba zai ɗauki wannan lissafi ba. Ta ce kalmar ɗaya ce, ma'anarta ɗaya, sauran kuwa mahallin magana ne ke kawo shi, kamar yadda za ka iya bayyana shi da bakinka ka ce "bisa abin da na sani" ko "bisa dokar makaranta".

A 1981 ta raba abin da mahalli ke kawowa gida biyu, kuma wannan rabon shi ne duk ribar hanyar. Na farko zan kira shi tushe, ana rubuta shi `f`: jerin abubuwan da aka ɗauka tabbatattu, waɗanda ke tace duniyoyi su zubar da duk wadda ta saɓa musu. Na biyu zan kira shi ma'auni, ana rubuta shi `g`: jerin abubuwan da ake so ko ake tsammani, waɗanda ba sa zubar da kowace duniya, sai dai su jera su daga mafi kyau zuwa mafi muni. Duniya ta fi wata in ta cika duk abin da waccan ta cika daga ma'aunin, ta kuma ƙara da wani. "Dole" yana duba waɗanda suka fi kyau ne cikin waɗanda tushe ya bari. A rubuce, `∩f(w)` su ne duniyoyin da tushe ya bari, `Best` kuma yana zaɓo waɗanda suka fi kyau a cikinsu.

```
dole p gaskiya ne a w  ⇔  ∀v ∈ Best(g(w), ∩f(w)) : p gaskiya ne a v
```

Tunanin jera duniyoyi ya rigaye ta. Robert Stalnaker a 1968 da David Lewis a 1973 sun yi amfani da shi wajen jimlolin "da a ce". Abin da ta ƙara shi ne fitar da jerin daga cikin jimloli da za ka iya rubutawa ɗaya bayan ɗaya ka nuna wa wani.

Littafin aro

A nan ne nake so mu zauna, domin misali ɗaya da aka bi har ƙarshe ya fi bayani goma. Ɗakin karatu yana da dokoki biyu. Ta ɗaya, a mayar da littafi a ranar da aka sa. Ta biyu, wanda ya makara ya biya tara. Wata ɗaliba ta ari littafi. Duniyoyi uku sun ishe mu. A ta ɗaya ta mayar a kan lokaci, ba ta biya komai ba. A ta biyu ta makara, ta biya tara. A ta uku ta makara, ta ƙi biya. Akwai ta huɗu, inda ta mayar a kan lokaci kuma ta biya tarar da ba a bin ta, amma barinta ba ya canza lissafi.

Yanzu a ce a zahiri ta makara. Ma'aikacin ɗakin ya ce, da gajeren wasali, "dole ta biya tara." Kowa ya san gaskiya ya faɗa.

Hanya ta farko me za ta ce? Ƙofar doka tana buɗewa ga duniyar da aka kiyaye duka dokoki, wato ta ɗaya kaɗai. A can ba ta biya komai ba, tunda ba ta makara ba. Sakamako: maganar ma'aikacin ƙarya ce. Wannan ba daidai ba ne. Ɗalibi mai wayo zai ce to mu gyara, mu ce ƙofar ta buɗe ga duniyoyin da aka kiyaye dokoki kuma ta makara. Sai dai babu irin wannan duniya, domin makarar kanta karya doka ce. Idan kuwa babu ko duniya ɗaya a bayan ƙofa, duk abin da aka ce game da "duka" sai ya zama gaskiya a banza: dole ta biya, dole kada ta biya, dole ta ƙona littafin. Roderick Chisholm ya nuna irin wannan tarko a 1963, wato wajibin da ke hawa kan mutum bayan ya saɓa wa wani wajibin. Kuma wannan ba wani lungu ba ne na doka. Tara, diyya, neman gafara, gyaran ɓarna, duk irinsa ne.

Hanya ta biyu tana sa makarar a tushe, dokokin a ma'auni. Tushe ya ce ta makara, sai duniya ta ɗaya ta fita, saura ta biyu da ta uku. Ma'auni ya duba su: ta biyu ta karya doka ta ɗaya amma ta cika ta biyu, ta uku ta karya duka. Ta biyu ce mafi kyau cikin abin da ya rage, a can kuwa ta biya. Maganar ma'aikacin gaskiya ce, kuma "dole kada ta biya" ƙarya ce. Ba a taɓa dokokin ba, ba a ƙirƙiro sabuwar ƙofa ba. Kafin ranar mayarwa, lokacin da tushe bai ce ta makara ba, wannan ma'aunin dai shi ne zai zaɓi duniya ta ɗaya ya ba mu "dole ta mayar a kan lokaci."

To mu juya zuwa ɗaya karatun. Kwana biyu bayan haka, ƙawarta ta gan ta ta fito daga ɗakin karatun da sabon littafi a hannu. Ƙawar ta san ta makara wancan karon, ta kuma san ba a ba mai bashin tara aron wani littafi. Sai ta ce, da dogon wasali, "dole ta biya tara." Tushe a nan shi ne abin da ƙawar ta sani: ta makara, ga ta da sabon littafi. Ma'auni kuma ba abin da ya dace ba ne, abin da aka saba ne: ma'aikaci yana duba rajista, ba ya mantuwa, ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Duniyar da ma'aikacin ya yi mantuwa ya ba ta littafi ba ta biya ba tana nan cikin tushe, ba a zubar da ita ba, amma tana ƙasa a jeri. A waɗanda ke sama, ta biya.

Ka lura da abin da ya faru: akwai doka a cikin dalilin ƙawar, amma jimlarta ba ta doka ba ce. Dokar ta shigo ne a matsayin shaida, don ana tsammanin an bi ta. Na sha ganin ɗalibai suna sa wa irin wannan jimla alamar diyontik don kawai sun ga kalmar "tara" ko "doka" a kusa, ni ma na yi wannan kuskuren a farkon karatuna, na cika shafi guda da shi kafin wani malami ya tambaye ni: in ta bayyana ba ta biya ba, wa ya yi kuskure? A karatun ma'aikaci, ɗalibar ce ta yi laifi, maganarsa tana nan daram. A karatun ƙawa, ƙawar ce ta yi kuskure, sai ta janye maganarta. Har yau ban samu gwajin da ya fi wannan tambaya kaifi ba.

Wani abu kuma ya fito daga misalin, wanda hanya ta farko ke ɓoyewa. Ma'anar hujja da ta doka ba kishiyoyi ba ne a kan layi ɗaya. A tsarin Kratzer na 1981, hujja suna ne na irin tushe, doka kuwa suna ne na irin ma'auni da ake ɗorawa a kan tushen halin da ake ciki. Dalilin da ya sa `T` ke faɗuwa a ma'anar doka ba wai an kori duniyarmu daga tushe ba ne. Tana ciki, tunda tushe gaskiya ne zalla. Ma'auni ne ya tura ta ƙasa.

Inda na ga kowace ta fi, da inda kowace ke ɗingishi

Adalci ya sa in faɗi wani abu da masu son hanya ta biyu ba su cika faɗa ba. In jimlarka guda ce tilo, ba sharaɗi, ba kwatanci, za ka iya tattara "mafi kyau cikin tushe" ka kira shi `R`, sai ka koma hanya ta farko ba tare da asara ba. Haka kuma masu manɗiƙi ba su zauna da tarkon Chisholm ba. Sun ƙera wajibi mai sharaɗi, `O(q/p)`, wato `q` wajibi ne in `p` ya faru, Bengt Hansson kuma ya ba shi fassara ta hanyar jera duniyoyi a 1969. Sai dai wannan gyara shi kansa shigo da ma'auni ne. Rabon gida biyu yana biyan kuɗinsa ne duk lokacin da wani abu a cikin jimla zai taɓa ɗaya ya bar ɗaya. Jimlar sharaɗi ita ce babban misali: "in ta makara, dole ta biya" tana ƙara makarar a tushe na ɗan lokaci, ma'auni yana nan yadda yake.

Wuri na biyu shi ne daraja. "Ya kamata ka wanke hannu, amma ba dole ba ne" magana ce da ba ta cin karo da kanta. A hanya ta farko "kamata" da "dole" duk `□` ne, in kuma ƙofarsu ɗaya ce jimlar ta zama kamar ka ce dole ne amma ba dole ba ne. Wanda ya karanci fiƙihu zai gane matsalar nan take, domin akwati da lu'ulu'u za su ba ka wajibi da haramun da halal, amma ba su da wurin ajiye mustahabbi da makaruhi. Kai von Fintel da Sabine Iatridou sun ba da shawara a 2008 cewa irin su "kamata" suna ɗaukar ma'auni na biyu, wanda ke sake tace waɗanda na farko ya zaɓa. Duniyoyin da "kamata" ke dubawa sun fi kaɗan, shi ya sa iƙirarinsa ya fi rauni. Haka nan in dokoki biyu suka ci karo, ƙofa ɗaya sai ta zama fanko, ma'auni kuwa sai ya bar duniyoyi biyu a sama ba wadda ta fi wata, kuma dokokin da ba su shiga rikicin ba su ci gaba da aiki.

Amma hanya ta biyu tana da tsada. Na ɗaya, sassaucinta ya yi yawa. Tunda kai ne ke rubuta `f` da `g`, kusan duk sakamakon da kake so za ka iya samu in ka ƙara jimla ɗaya a ma'auni, kuma mai karatu mai hankali zai tambaye ka daga ina ta fito. Na biyu, kalmar "mafi kyau" tana ɗauka cewa akwai saman jeri. In duniyoyi suna ta fin juna ba iyaka, sai an rubuta ma'anar a hanya mai tsawo, abin da Lewis da ita Kratzer suka yi. Ga ƙaramin misali irin namu wannan ba ya tasowa. Na uku, in abin da kake so shi ne ka tabbatar da cewa wata jimla ta biyo daga wasu, ko ka sa na'ura ta duba tsarin izini, hanya ta farko tana da ƙa'idoji sanannu masu suna, `T` da `D` da `S4` da `S5`, kowacce an san siffar `R` da ta dace da ita. Wannan kaya ne da aka gama ƙerawa, ba dalilin barinsa.

Akwai kuma gardamar da ba a rufe ba a kan "dole" na hujja. Lauri Karttunen ya lura a 1972 cewa "dole ana ruwa" kamar ya fi "ana ruwa" rauni, alhali `T` ta ce ya fi shi ƙarfi. Ma'aunin abin da aka saba yana bayyana wannan da kyau, tunda duniyarmu tana iya zama ba ta cikin na sama. Von Fintel da Anthony Gillies sun ƙi yarda a 2010. Suka ce "dole" ba shi da rauni, abin da yake nunawa shi ne hujjar ba ta gani da ido ba ce. Wanda ke tsaye cikin ruwa yana jiƙewa ba zai ce "dole ana ruwa" ba, amma wanda ya ga mutane suna shigowa da jiƙaƙƙun laima zai ce. Ni na fi karkata gare su, saboda "dole sun biya, amma wataƙila ba su biya ba" ba ta shiga kunnena, kuma in "dole" mai rauni ne ya kamata ta shiga. Duk wanda ka bi, ka faɗa a fili, domin zaɓin yana canza abin da za ka rubuta a `g`.

Babban giɓin da ke cikin hanya ta biyu, a ganina, shi ne cewar da ta yi mahalli ne ke zaɓar ma'ana. Jimlolin da muka fara da su sun nuna ba mahalli kaɗai ba ne. "Dole sun biya" ba za ta taɓa zama doka ba, duk yadda ka shirya labarin da ke kewaye da ita. Nahawu ne ya rufe ƙofar. Haka "wataƙila dole su biya" tana tafiya, hujja a sama doka a ƙasa, amma "wajibi ne wataƙila su biya" ba ta tafiya. Guglielmo Cinque ya nuna a 1999, daga harsuna da yawa, cewa kalmomin hujja suna zama sama da alamar lokaci a ginin jimla, na doka da iyawa kuwa ƙasa. Valentine Hacquard ta yi ƙoƙarin haɗa wannan da tsarin Kratzer a 2006: kalmar dai ɗaya ce, amma tana ɗaukar tushenta daga aukuwar da ta fi kusa da ita. In tana sama, aukuwar ita ce maganar kanta, sai ta ɗauki sanin mai magana a lokacin da yake magana. In tana ƙasa, aukuwar ita ce aikin da aikatau ke faɗa, sai ta ɗauki halin mai aikin. Wasu harsuna ma a ƙamus suke raba su. Hotze Rullmann da Lisa Matthewson da Henry Davis sun nuna a 2008 cewa a harshen St'át'imcets na yammacin Kanada kalmar ce ke ƙayyade ko hujja ce ko doka, ƙarfin kuwa, tilas ko yiwuwa, shi ne ke sauyawa. Hausa tana tsakiya: "wataƙila" da "mai yiwuwa" na hujja ne kawai, "an yarda" da "an hana" na doka ne kawai, "dole" da "iya" da "kamata" kuwa suna yawo.

Ga shawarata. In aikinka tabbatar da hujjoji ne, ko tsara dokokin izini da ba a tsammanin karya su a cikin tsarin, ko koyar da mafari makonni biyu na farko, ɗauki hanyar Kripke, ta fi gajarta kuma kurakuranta suna fitowa fili. In aikinka bayyana abin da mutane ke nufi ne da bakinsu, kuma bayananka suna da tara, sharaɗi, "kamata" ko "ya fi yiwuwa", ɗauki ta Kratzer tun farko, kada ka jira sai ka rubuta babi biyu tarkon littafin aro ya kama ka. Amma ka sa sharaɗi a kan kanka: duk jimlar da ka nazarta ka rubuta `f` da `g` ɗinta a fili, layi biyu ko uku, kamar yadda muka yi wa ɗalibar nan. Sannan ka ajiye wani shafi dabam na abin da nahawu ya hana, domin tsarin ba zai faɗa maka shi da kansa ba.

A wannan shafin ne za ka buƙaci taka tsantsan da gwajin "su" da "sun", don hanya ɗaya yake aiki. Shuɗaɗɗen lokaci bayan "dole" yana kore ma'anar doka, haka ne. Amma umartau, wato siffar "su biya", ba ya tabbatar da ita. Ka ji an ce "tun safe suke tafiya, dole su gaji." Ga "su" nan, amma ba wanda ya umarce su da gajiya, kuma in ba su gaji ba ba su yi laifi ba. Tushe a nan halin jikinsu ne da nisan tafiya, ma'auni kuma yadda jikin ɗan Adam ya saba. Haka "ya kamata su iso yanzu" tana iya zama ƙorafin wanda aka saɓa wa alkawari, tana kuma iya zama lissafin wanda ya san awa nawa tafiyar ke ɗauka. Saboda haka kada ka ba mai ba ka bayani jimla tsirara ka ce ya faɗi ma'anarta. Ka ba shi gajeren labari wanda ma'ana ɗaya kaɗai za ta zauna a ciki, misali labarin da babu mai iko ko alkawari a cikinsa, sai agogo da nisan hanya, sannan ka tambaye shi ko jimlar ta dace. Bayan ya amsa, ka ƙara masa cewa ba su iso ba, ka saurari wanda zai ɗora wa kuskuren.